Silaid na ƙarshe: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mutane da furojekta ya san yadda ake ƙarewa, an yi silaid ashirin da wahala, sai a zo na ƙarshe a rubuta kalma biyu a tafi. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan silaid ɗin, da abin da nake gani a kan kowacce.

Wai ba "Na gode" kawai ake rubutawa a ƙarshe ba?

Haka aka saba, amma asara ce. Ka lura da kyau, kowane silaid a cikin jawabinka minti ɗaya ko biyu yake yi a kan allo sai ya wuce, shi kuwa na ƙarshe yana nan tsaye duk lokacin da ake tambayoyi, wani lokacin minti goma, wani lokacin ma fiye, kuma shi ne wanda mutane ke ɗaga waya su ɗauka hoto idan sun ga an kusa tashi. To in abin da ke jikinsa "Na gode" ne ko "Akwai tambaya?", ka ba da wurin da ya fi kowane daɗewa a idon mutane ga abin da ba zai amfane su da komai ba gobe.

Godiya dole ce, ka yi ta da bakinka kana kallon mutane, ta fi ma daɗin ji a haka. Allon kuma ka bar masa aikinsa.

To me da me ya kamata ya shiga ciki?

Abu uku ne. Kanu a sama, wato jimla ɗaya da ke faɗin matsayar da ka kai. Sai muhimman maganganu biyu ko uku da suka kai ka ga wannan matsayar. Sai kuma aiki guda ɗaya da kake so masu sauraro su yi. Shi kenan. Tambarin kamfani, hotonka, jerin duk shafukanka na sada zumunta, jadawali mai kala-kala, duk waɗannan in ba su taimaki abu ukun nan ba su fita.

Ko za a ba mu misali sosai, daga farko har ƙarshe?

Bari mu ƙaddara wata ma'aikaciya ce ke shugabantar sashen amsa saƙonnin kwastomomi a wani kamfani, an ba ta minti goma sha biyar a mitin ɗin manajoji. Matsalarta ita ce saƙonni na daɗewa ba a amsa ba. Ta yi bincikenta, ta yi ɗan gwaji, ta haɗa silaid goma sha biyu. Lambobin da zan sa na misali ne kawai. Ga abin da ta fara rubutawa a silaid na ƙarshe:

Kammalawa
- Matsalar jinkiri
- Sakamakon gwaji
- Ma'aikata
- Shawarwari
Muna neman goyon bayanku. Mun gode.

Wannan shi ne irin wanda kusan kowa ke yi, kuma in ka duba babu ƙarya a ciki, amma babu magana ma. "Matsalar jinkiri" sunan batu ne, bai ce komai a kan jinkirin ba, yawa ne ko kaɗan, daga ina yake, oho. Wanda hankalinsa ya tafi kan waya a silaid na huɗu ba zai gane komai daga nan ba. "Goyon baya" kuma kowa a ɗakin zai iya gyaɗa kai ya ce ya bayar, ya fita bai yi komai ba, kuma ba wanda zai ce ya saɓa alkawari tunda ba a nemi wani abu takamaimai ba.

Ga yadda ta gyara shi:

Sauya lokacin aikin mutum 2 zai rage jiran kwastoma da fiye da rabi
- Saƙo 6 cikin 10 na shigowa ne bayan an tashi aiki, su ne ke kwana ba amsa
- A gwajin mako 4, jira ya sauko daga awa 30 zuwa awa 12
- Ba sai an ɗauki sabon ma'aikaci ba
Abin da muke nema yau: manajan ayyuka ya amince mutum 2 su koma aikin safe, ƙarfe 7 zuwa 3, na wata 3, daga 1 ga wata mai zuwa

Duba abin da ya canza. Kalmar "Kammalawa" ta tafi, jimla mai ɗauke da matsaya ta hau wurinta. Kowane layi yanzu cikakkiyar magana ce da mutum zai iya yarda da ita ko ya musa. Layi na farko ya nuna inda ciwon yake, na biyu ya nuna maganin ya yi aiki, na uku kuma ya tare tambayar da ta san manajoji za su fara yi, wato ta kuɗin ɗaukar sabbin mutane. Sannan buƙatar tana da mai yin ta, tana da rana, tana da iyaka. Wata ukun nan ma da gangan ta sa, don mutum ya fi saurin amincewa da abin da ya san za a sake dubawa fiye da abin da zai zauna har abada.

Manajan da ya shigo a makare, ya tarar da wannan silaid ɗin kaɗai a allo, zai iya shiga tattaunawar ba tare da an sake masa bayani ba.

Silaid ashirin na yi, kowanne yana da amfani. Ta yaya zan zaɓi uku?

Ka fara da aikin da kake nema, ka rubuta shi a takarda, sai ka sa "saboda" a gabansa. Duk maganar da za ta iya biyo bayan "saboda" ɗin nan ta zauna daram, ita ce ta cancanci shiga. A misalin da ya wuce: a amince mutum biyu su koma aikin safe, saboda yawancin saƙonni da dare suke shigowa. Ya zauna. Yanzu gwada wannan: a amince mutum biyu su koma aikin safe, saboda an kafa sashen shekara biyar da suka wuce. Ka ji bai zauna ba ko? To tarihin sashen ya tsaya a silaid na biyu inda yake, ba zai zo ƙarshe ba, komai wahalar da aka sha wajen haɗa shi.

Abin da ke ba mutane wuya a nan shi ne suna ɗaukar taƙaitawa kamar maimaita jerin abubuwan da aka tattauna ne, kowane sashe sai an ba shi layinsa don kar a bar shi a baya. A'a. Wani sashen shimfiɗa ne kawai, ya gama aikinsa tun da ya kai mutane ga sashe na gaba. In bayan ka tace har yanzu kana da biyar, tambayi kanka wacce ce in ka cire ta mutumin da zai yanke hukunci zai fasa amincewa. Waɗanda cire su ba zai canza komai ba, su tafi.

Kuma ba dole sai uku ba fa. In biyu ne ke riƙe da maganar, biyu za ka sa, kar ka ƙirƙiro na uku don layi ya cika.

Yaushe ya kamata in rubuta shi?

Tun farko, kafin silaid na ɗaya. In ka kasa rubuta silaid na ƙarshe kafin ka fara, alama ce har yanzu ba ka san me kake nema wajen mutanen ba, kuma gara ka gano haka yanzu da ka gano ana saura awa ɗaya mitin. Da ka gama sauran sai ka dawo ka gyara shi.

Me ya sa aiki ɗaya tak? Ni fa abu uku nake buƙata.

Na gane, kusan kullum haka ne, amma duba abin da ke faruwa in ka jera uku. A ce matar nan ta rubuta: a amince da aikin safe, a sayo sabuwar manhaja, a tura ma'aikata horo. Mitin zai karkata zuwa wanda ya fi sauƙin yi wa gardama, galibi manhajar, wani ya ce akwai wadda ta fi, wani ya ce a nemo farashi, lokaci ya ƙare, a ce a kawo maganar a zama na gaba. Aikin safen da ba wanda ya ƙi shi, shi ma ya tafi tare da su ba a yanke komai ba. Ko kuma a zaɓi mafi arha a cikin ukun a amince da shi, kowa ya ji ai an yi wani abu.

Don haka ka nemi wanda in aka yi shi, ƙofar sauran za ta buɗe. A nan aikin safe ne, domin bayan wata uku za ta dawo da sakamako a hannu, kuma a lokacin maganar manhaja za ta fi samun kunne. Sauran biyun ba a jefar da su ba, suna iya zuwa a imel ɗin da za ka tura bayan mitin ko a zama na gaba.

Akwai inda ake samun mutane iri biyu a ɗaki ɗaya, masu yanke hukunci da masu aiwatarwa. Ko a nan ɗin ma ina ganin ka zaɓi ɓangaren da komai ke jiransa. In sai shugabanni sun sa hannu kafin kowa ya motsa, to da su silaid ɗin yake magana.

Yaya ake rubuta aikin yadda zai fito fili?

Ya amsa tambaya huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, ta wace hanya. Inda aka fi zamewa shi ne "wa". Muna son mu ce "a duba", "a yi ƙoƙari", "a ba da muhimmanci", don ya fi laushi kuma bai nuna kowa da yatsa ba, sai dai aikin da ba a ɗora wa kowa ba kowa zai ɗauka na wani ne. Kana iya ambaton muƙami cikin ladabi, "muna roƙon manajan ayyuka ya amince", ladabin yana nan, mai aikin ma yana nan. In jama'a ne da yawa, ka ce "kowannenku".

Sai kalmar aikin kanta. Amince, sa hannu, cike fom, turo suna, gwada, zaɓa, waɗannan ana ganin an yi su ko ba a yi ba. Yi tunani, lura, fahimta, ba da haɗin kai, su kuma ba a iya gani. Gwajin da nake ba mutane shi ne: in ka kira mutumin gobe ka ce "ka yi?", zai iya amsawa da eh ko a'a? In amsar za ta zama "to, muna kai", aikin bai fito ba tukuna.

Lokaci kuma ka sa rana sosai. "Nan ba da jimawa ba" ba rana ba ce. "Kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis" ita ce rana. In za a iya yin abin a cikin ɗakin kafin a tashi, ya fi komai, don da zarar an fita kowa ya koma kan nasa aikin.

A sama zan sa aikin ko a ƙasa?

Duka biyun suna yi, amma akwai abin lura. In a ɗaki ne mai kujeru a jere ƙasa ɗaya, kawunan na gaba suna rufe wa na baya ƙasan allo, kuma nan ne daidai inda aka saba ajiye aikin. To ko dai ka ɗaga shi sama kaɗan, kar ya manne da gindin silaid, ko kuma ka mai da shi kanun gaba ɗaya, dalilan su biyo a ƙarƙashinsa. Ni in gaban masu yanke hukunci ne na fi son na biyun, tunda abin da suka zo ji kenan.

Duk inda ka sa shi, ya bambanta da sauran rubutun, ko a cikin akwati mai kala ɗaya, ko da rubutu mai kauri. Abu ɗaya kawai za ka haskaka a silaid ɗin. In ka yi wa layi huɗu ja da kauri, ido ba zai san inda zai sauka ba.

Girman rubutu fa?

Kanu wajen 32 zuwa 40, sauran layuka kar su gaza 24. In ka ga sai ka rage zuwa 16 kafin komai ya shiga, rubutun ne ya yi yawa, kalmomi za ka rage. Ka kula da PowerPoint a nan, yana da ɗabi'ar rage girman rubutu da kansa idan akwatin ya cika, sai ka ga ya shige ba ka san ya ƙanƙance ba, don haka danna kan rubutun ka duba lambar da idonka. Kala kuma baƙi a kan fari ko fari a kan mai duhu sosai, domin furojekta na wanke kala, ruwan toka mai haske da ya yi kyau a laftof ɗinka yana iya ɓacewa a bango in fitilun ɗakin na kunne.

Zan iya sa lambar QR ko adireshin shafi?

In aikin a intanet ake yin sa, kamar cike fom ko yin rajista, eh, ka sa, amma guda ɗaya, kuma ta kai mutum kai tsaye kan fom ɗin. In ta kai shi shafin farko na kamfani ya fara lalube, ka rasa shi.

Girma shi ne inda aka fi kuskure. Ƙiyasin da aka saba amfani da shi shi ne faɗin lambar ya kai kusan kashi ɗaya cikin goma na nisan mai ɗauka, wato in kujerar ƙarshe tana mita 10 daga allo, lambar na buƙatar kusan mita 1 a jikin allon. Wannan babba ne sosai, ya fi ɗan ƙaramin da ake liƙawa a kusurwa nesa ba kusa ba. Ka bar mata farin fili kewaye da ita, kar rubutu ko hoto ya taɓa gefenta, in ba haka ba kyamara na wahalar karantawa. Sannan ka rubuta gajeren adireshi a ƙarƙashinta wanda za a iya bugawa da hannu, saboda wanda ke kallo ta Zoom a wayarsa ba shi da wata wayar da zai ɗauki allon da ita. A irin wannan mitin ɗin ma ka liƙa adireshin a wurin hira kawai. Kafin mutane su shigo, je ka kujerar baya da wayarka ka gwada da kanka, ka tabbatar fom ɗin a buɗe yake ga wanda ba ya cikin kamfaninku in akwai baƙi.

Na tuna wani muhimmin abu da ban faɗa ba, in saka shi a nan?

A'a. Sabon abu a silaid na ƙarshe sabuwar muhawara yake buɗewa a lokacin da kake son rufewa. In yana da muhimmanci haka, nema masa wuri a tsakiyar jawabi. Haka lambobi, duk lambar da ke silaid na ƙarshe ta zama an riga an gan ta a baya kuma iri ɗaya ce. In silaid na bakwai ya ce awa 12, na ƙarshe ya ce awa 10 don ka gyara ɗaya ka manta ɗaya, akwai wanda zai lura, daga nan kuma maganar ta koma kan ko lissafinka daidai ne.

In an fara tambayoyi ina komawa baya don nuna wani jadawali, ya zan dawo?

Ba sai ka yi ta danna kibiya mutane na kallon silaid na wucewa ba. A PowerPoint, kana cikin nunawa, buga lambar silaid ɗin sai ka danna Enter, zai kai ka can kai tsaye. Ka haddace lambar silaid ɗinka na rufewa, in 12 ne, da ka gama amsa sai ka buga 12 da Enter ka dawo. Ka riƙa dawowa bayan kowace amsa, don buƙatarka ta ci gaba da zama a gaban mutane.

Silaid na ƙarin bayani, irin waɗanda ka tanada ko za a tambaya, su zauna a bayan na rufewa, kana iya ɓoye su da Hide Slide, lambarsu da Enter za ta fito da su in an buƙata. Kuma kar ka danna gaba bayan silaid na ƙarshe, in ka yi haka baƙin allo ne zai fito da rubutun End of slide show, ƙarin dannawa ɗaya kuma ya fitar da kai gaba ɗaya kowa ya ga abin da ke kan kwamfutarka. In kana son mutane su kalle ka kai kaɗai na ɗan lokaci, danna B allo ya yi baƙi, sake dannawa ya dawo.

Jawabina na koyarwa ne, ba na neman amincewar kowa. Wane aiki zan ba su?

Akwai shi, ƙarami ne kawai. In ka koyar da ma'aikata yadda ake gane imel na damfara, aikin ba zai zama "ku kula sosai" ba, zai zama "yau kafin ku tashi, kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel ɗinsa na aiki". In ɗalibai ne, "ku warware tambaya ta 4 da hanyar da muka koya kafin darasi na gaba". Ka nemi abu mafi ƙanƙanta da zai sa su taɓa abin da hannunsu cikin kwana ɗaya ko biyu, tun bai bushe a ka ba.

Me zan faɗa da baki lokacin da silaid ɗin ke allo?

Kar ka karanta shi layi-layi, sun riga ka gamawa da ido. Ka ba su daƙiƙa kaɗan su karanta, sai ka haɗa maganganun a jimla biyu ko uku da kalmominka, sannan ka faɗi aikin kusan yadda yake a rubuce, a hankali, kana kallon wanda zai yi shi. Matar misalinmu za ta iya cewa: "Mun ga yawancin saƙonnin da dare suke zuwa, mun gwada aikin safe ya rage jira sosai, kuma ba ya buƙatar sabon mutum. Ranka ya daɗe, abin da muke roƙo yau shi ne ka amince mutum biyu su koma aikin safe na wata uku." Daga nan ta yi shiru. Shirun nan yana da nauyi, mutane da yawa sukan cike shi da "to shi kenan dai, ban sani ba ko akwai mai magana", sai buƙatar ta narke. Minti ɗaya ya isa duka wannan, amma ka ware shi tun farko, in lokaci ya ƙure gara ka tsallake silaid biyu a tsakiya da ka yi gaggawar na ƙarshe.

Ta yaya zan san silaid ɗin ya yi kafin ranar?

Nemi wanda bai san komai a kan batun ba, nuna masa silaid ɗin kaɗai na daƙiƙa goma, rufe laftof, ka tambaye shi abu biyu: me ake so a yi, kuma don me. In ya faɗi aikin da mai yin sa da ranar, ya kuma kawo ko da dalili ɗaya, ya yi. In ya ce "wani abu ne dai a kan saƙonnin kwastomomi", koma ka gyara, kuma yawanci za ka tarar ko dai layukan sunayen batutuwa ne ba jimloli ba, ko aikin ya ɓuya cikin rubutu mai girma ɗaya da sauran.

A ranar ma akwai alama. In tambayar farko ita ce "to yanzu me kuke so mu yi?", silaid ɗin bai faɗa ba. In kuwa aka fara da "me ya sa wata uku, ba biyu ba?" ko "su waye mutum biyun?", to sun karɓi buƙatar suna auna ta, sai ka amsa, ka buga lambar silaid ɗin ka dawo da shi allo, ka sake tambayar manajan ko ya amince.